Bizar Amurka da shafukan sada zumunta: kurakuran da aka fi yi a fom ɗin DS-160

Tun 2019 fom ɗin DS-160, wanda ake cikewa don neman bizar Amurka ta ziyara ko ta karatu, yake tambayar sunayen da ka yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara 5 da suka wuce. A nan Sakkwato yawanci mai kafe ake miƙa wa aikin, kuma nan ɓarakar take farawa. Yana sauri ga layi na jira, sai ya danna "None" ya wuce.

A ce ɗalibi ne da ya gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana neman digiri na biyu. Yana da Instagram da yake shiga kullum, da Facebook da ya watsar shekara 3 baya, da kuma shafin X da ya buɗe da sunan barkwanci don cacar bakin siyasa. Ya rubuta Instagram kawai, a ganinsa sauran sun mutu. Duka ukun ya kamata ya rubuta, domin abin da ake tambaya shi ne ko ya taɓa amfani da su a waɗannan shekarun. Goge shafi ana saura mako a shiga ganawa da jami'in biza a Abuja ko Legas ba ya cire shi daga lissafi.

Ni a ganina tsohon rubutun ƙuruciya bai kai ɓoyewar hatsari ba. Idan jami'i ya gano da gangan aka ɓoye abin da ya shafi hukuncinsa, dokar shige da ficen Amurka ta ba da damar haramta wa mutum biza har abada.

Sai a kula da abin da ake rubutawa: sunan shafin ake so daidai harafi da harafi, wanda ke biye da alamar @, ba sunan yanka ba.

Kalmar sirri fa? Fom ɗin ba ya neman ta ko kaɗan. Duk ejan ɗin da ya ce ka ba shi don "ofishin jakadanci", ka ɗauki takardunka ka fita. Abin da jami'i ke iya dubawa shi ne wanda ke fili: hotuna, rubuce-rubuce, sharhi, da inda ka ce kana aiki ko karatu. Idan LinkedIn ya ce ma'aikacin banki ne kai, fom kuma ya ce ɗan kasuwa, za a yi tambaya. Daga Yunin 2025 an umarci masu neman bizar F, M da J, wato ta ɗalibai da ta masu shirin musaya, su mai da shafukansu "public", yadda kowa zai iya gani.

In an riga an tura fom da kuskure, ba a iya gyara shi. Sabo ake cikewa, a samu sabuwar lamba mai farawa da AA, a sauya ta a shafin da aka kama ranar ganawa, sannan a buga sabuwar takardar shaidar a tafi da ita. Wannan karon ka zauna kusa da mai kafe ka karanta kowane shafi kafin ya tura.