Darasi na Bakwai: Kuɗin da Aka Cire Daga Albashi, Na Wane Ne?

Mu ɗauki wata makaranta mai zaman kanta a Najeriya, mai malamai 20. Albashin kowane malami ₦100,000 ne a wata, idan an haɗa ainihin albashi da kuɗin gida da na mota. Wannan shi ne cikakken albashi, kafin a taɓa ko sisi.

Abu biyu ake cirewa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100, wato ₦8,000. Sai haraji, mu ce ya kama ₦3,800. Abin da zai shiga hannun malam ke nan ₦88,200.

Mai makaranta ma yana da nasa kason, kuma daga aljihunsa zai fito. Zai zuba wa malam fansho kashi 10 cikin 100, ₦10,000, ya kuma biya hukumar NSITF kashi 1 cikin 100, ₦1,000, saboda diyyar rauni a wurin aiki. Ashe malamin nan ₦111,000 yake ci wa makaranta, kuma haka za a rubuta a shafin kashe kuɗi na watan.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ranar biyan albashi ₦88,200 kaɗai ta fita daga banki. Ragowar ₦22,800 tana nan zaune a asusu, amma ta riga ta zama ta wasu. Kamfanin fansho na bin ₦18,000, hukumar haraji ta jiha na bin ₦3,800, NSITF na bin ₦1,000. Kowanne a buɗe masa shafinsa a cikin basussukan da ake bin makaranta. Ka gwada lissafinka: abin da aka biya da abin da ake bi dole su tashi ₦111,000 cif. In ba su tashi ba, an tsallake wani abu.

A malamai 20, wannan bashi ya kai ₦456,000. Mai makaranta ya duba waya ya ga kuɗi jibge, sai ya sayi man janareto, ya gyara rufin aji, yana cewa zai mayar in an biya kuɗin makaranta. Amana ya taɓa, kuma tana da wa'adi: fansho cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, haraji zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Jinkirin fansho na jawo tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata.

Gane ɓarakar ba wuya. Shafin bashin fansho ya kamata ya koma sifiri duk wata. In ka ga ₦18,000 ta zama ₦36,000 a kan malami ɗaya, ba a aika ba. Malam kuma ya nemi bayanin asusunsa daga kamfanin fansho, ya gwada da takardar albashinsa.

Aiki: ma'aikaci mai ₦150,000, harajinsa ₦10,700. Nawa zai karɓa, nawa ake bin mai aiki?