Yadda Na Gano Kayana Bayan Sun Sauka a Wani Tibirin

Na aika wa ƙanena buhun tufafi daga tashar mota ta Damagaram, na rubuta sunansa da kalmar “Tibiri” kaɗai a jikin buhun. Kwana huɗu ya yi yana jira bai ga komai ba. Da farko na zargi yaron mota, daga baya na ɗauka lambar wayar ce na rubuta ba daidai ba, amma duk ba nan matsalar take ba.

Wani dattijo mai rubuta kaya a tasha ne ya tambaye ni: “Malam, wane Tibirin kake nufi, na Gobir ko na Dutsi?” Ashe biyu ne. Tibirin Gobir yana jihar Maraɗi, dab da birnin Maraɗi, shi ne kuma mota take fara riska idan ta taso daga Damagaram ta nufi yamma. Ɗayan, inda ƙanena yake, yana jihar Doso, kudu da Dogon Dutsi. Dattijon ya ce maimaituwar suna ba baƙon abu ba ce, domin sunaye kamar Zango da Sabon Gari siffanta wuri suke yi, wasu kuma masu ƙaura ne suke tafiya da sunan garinsu na asali.

Muka duba littafin kaya, muka kira direban, ya tabbatar cewa a na Gobir ya sauke buhun. Na roƙi wanda ya ajiye shi ya sake rubutu haka: sunan mai kaya, Tibirin Dutsi, jihar Doso, a sauke a Kore Mairuwa, sannan lambar waya. Kashegari da la’asar ƙanena ya karɓa.

Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa dattijon nan da alheri.