Ciwon Kunne Bayan Mura: Kurakuran da Iyaye Suka Fi Yi

Da sanyin hunturu ya sauka a Zariya, labarin kusan ɗaya ne daga Tudun Wada har Samaru. Yaro ya kwana huɗu yana majina, cikin dare na biyar ya farka da ihu yana jan kunne, gari na wayewa uban ya nufi kemis: "A ba ni amoksisilin na yara." Wannan gaggawar ita ce kuskure na farko, kuma dalilinta rashin sanin abin da ke faruwa ne a ciki.

Akwai wata 'yar siririyar hanya daga bayan dodon kunne zuwa bayan hanci, wadda ke shigar da iska tana fitar da ruwa. A jikin yaro gajeriya ce kuma a kwance take, don haka mura na kumbura ta sai ta toshe. Ruwa ya taru, ya danno dodon kunne, shi ne zafin. Wani lokaci bairos ɗin murar ne kaɗai a cikin ruwan, shi kuwa antibayotik, irin su amoksisilin, ba ya taɓa shi. Ko da bakteriya ta shiga, jikin yaro mai ƙoshin lafiya kan gama da ita, kumburin ya saɓe, hanyar ta buɗe. Kusan yara 8 cikin 10 kan sami sauƙi cikin kwana 3 ba tare da antibayotik ba. A awa 24 na farko ma, wanda ya sha da wanda bai sha ba zafinsu ɗaya ne. Abin da maganin kan ƙara wa wasu shi ne gudawa, amai ko ƙuraje, ga koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

Kuskure na biyu ya fi ba ni takaici: a sayi antibayotik mai tsadar, a yi wasa da maganin zafi, alhali shi ne abin da yaron yake bukata. Ɗauki yarinya 'yar shekara 3 mai nauyin kilo 12. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, wato miligiram 180. Idan kwalbar ta ce miligiram 120 a mililita 5, rabonta mililita 7.5 ne, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Uwa takan ba da rabin cokalin shayi sau ɗaya, yarinya ta ci gaba da kuka, sai a ce magani bai yi ba. A auna da sirinji ko murfin awo, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

Jiran ma yana da ƙa'ida. Sai ma'aikacin lafiya ya haska kunnen ya gani, an kuma gwada maleriya in akwai zazzaɓi, domin a garin nan ba a ɗora wa kunne laifin zazzaɓi da ka. In ya ce a jira, awa 48 zuwa 72 ne ana lura. Yarinya ta koma cin tuwonta da wasa, shi ke nan. In zafi ya ƙaru ko ya ƙi sauka, a koma.

Wasu kuma sukan ji "yana warkewa da kansa" su zauna da yaron da bai kamata a jira da shi ba. Jariri ƙasa da wata 6, ɗan ƙasa da shekara 2 da kunnuwa biyu suka kamu, wanda kunnensa ke fitar da mugunya, mai zazzaɓin da ya kai digiri 39, mai sikila, tamowa ko ƙyanda, waɗannan su ne antibayotik ya fi yi wa amfani, kuma in an rubuta a shanye kwanakin duka. Kumburi a bayan kunne har ya turo shi gaba, sanƙarewar wuya, jijjiga ko yawan barci kuwa, asibiti ne a take, ko da tsakar dare.

Sai batun ɗige-ɗige. Kaka za ta ce, "Ke, ɗan ɗiga masa man ja ko ruwan nono mana." A ba Hajiya haƙuri cikin ladabi. Ciwon a bayan dodon kunne yake, mai ba zai kai can ba, in kuwa dodon ya huje, ƙazanta aka tura ciki. Haka tsinken auduga da gashin kaza. Kunne mai ruwa, a murɗa tsumma mai tsabta kamar lagwani a tsane shi, kada ruwan wanka ya shiga. In ya kai kwana 14 yana zuba, ya zama daɗaɗɗen ciwo, a koma wurin likita.

Bayan zafi ya wuce, yaro kan yi makonni ana kira yana "iye?" Ragowar ruwan ne bai tsane ba, sabuwar kwalbar antibayotik ba za ta gaggauta shi ba. In an kai wata 3 jin bai dawo ba, ko maganarsa ta tsaya, a nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kamar na asibitin koyarwa da ke Shika, a auna jinsa.