Wasiƙar neman gudummawar asibitin ƙauye: inda ake yawan kuskurewa

Yawancin wasiƙun da kwamitocin asibiti ke aika wa 'yan gari mazauna birni suna ƙarewa a gaisuwa da kuka: "asibitinmu yana cikin mawuyacin hali, a taimaka don Allah." Mai karatu zai tausaya, amma bai san me ya lalace ba, balle nawa ake nema. Sai ya ajiye takardar.

Gyaran shi ne a ɗauki buƙata guda ɗaya. A ce rufin ɗakin haihuwa ne ke yoyo. To a rubuta haka: "Idan ruwa ya sauko, ungozoma takan ja gadon haihuwa zuwa lungu ɗaya, ta tara bokiti a tsakar ɗaki. Kafinta ya duba, ya ce ana bukatar kwano bandir uku, katako, ƙusa da silin. Ga takardar ƙiyasinsa a haɗe." Daga nan a kawo farashin kowane abu, da kuɗin aiki, da abin da mutanen gari suka riga suka tara, da abin da ya rage. Bandir kwano ashirin ne, don haka wanda ba zai iya sayen bandir ba ya san zai iya ɗaukar kwano biyu. A sa ranar da aka yi ƙiyasin, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne matsa wa zuciya lamba. Wato a ɗauki hoton yaro mara lafiya ko mai jego ba da izini ba, ko a rubuta cewa wanda ya ƙi bayarwa alhakin rayuka na wuyansa. Wannan tozarta mara lafiya ne, kuma cin fuska ne ga wanda ake roƙo. Hoton rufin da ya huje ya wadatar. A tunatar da ladan sadaka, amma kada a mai da aya ko hadisi sandar duka. Haka nan wa'adin ƙarya, irin "saura kwana uku". Wa'adin gaskiya yana nan: a gama aiki kafin damina ta kankama a watan Yuni.

Sai maganar asusu. Lambar asusun mutum ɗaya tana jawo zargi ko da mutumin kirki ne. A buɗe na kwamiti, wanda sai mutum biyu sun sa hannu ake cire kuɗi, kuma jami'in da ke kula da asibitin ya sa hannu a wasiƙar. A faɗa tun farko: idan kuɗin bai kai ba, da wane ɓangaren rufin za a fara, idan ya yi rara, ina za a kai shi. A kuma yanka ranar da za a aiko wa kowa rasit da hoton aikin, a cika alkawarin ko da aikin bai kammala ba.