Yadda na sake samun lasisin tuƙina bayan ya ɓata

Ranar kasuwar Maigatari aka yanke mini aljihu, aka tafi da 'yan kuɗina har da lasisin tuƙi. Kuɗin ba su dame ni kamar lasisin ba, don da motar nake ci.

Na fara zuwa ofishin 'yan sanda na karɓi takardar rahoton ɓata, sannan na je kotu na yi takardar rantsuwa. Abin da ya cece ni shi ne hoton lasisin da ke wayar ɗana, domin lambar da ke jiki ita ake fara tambaya. Da na duba hoton sosai, ashe wa'adinsa ya ƙare tun wata biyu! Mai cike fom a shafin hukumar kiyaye haɗurra ya ce, "Baba, ai sabuntawa za a yi gaba ɗaya." Na zaɓi na shekara 5 maimakon 3.

Inda na sha wahala shi ne ranar haihuwa: ta lasisin ba ta zo daidai da ta katin ɗan ƙasa ba, sai da aka gyara. Bayan na biya a banki, na kai rasit da fom Dutse, aka ɗauki hotona da zanen yatsu, aka ba ni na wucin gadi mai kwana 60.