Cika Tankin Mai Har Wuya: Kurakuran Da Aka Fi Yi Da Yadda Ake Gyara Su

A kasuwar hatsi mun saba da cewa mudu sai ya yi tozo kafin mai saye ya yarda an auna masa daidai. Wannan sabo ne yake bin mutane da yawa har bakin tankin mai. Mai injin casar shinkafa a Dadin Kowa ko mai gidan burodi a cikin Gombe zai tsaya kan direban tanka yana cewa, "Malam, ƙara dai, sai na gan shi a wuya." Shi a ganinsa yana kare kuɗinsa ne, alhali man da aka cusa a ƙarshen nan shi ne zai fara malalowa ƙasa ran da rana ta buɗe.

Dalili kuwa shi ne mai yana kumbura idan ya ji zafi. Nauyinsa ba ya ƙaruwa ko kaɗan, amma wurin da yake ci yana ƙaruwa. Lita 1,000 na man gas, wato dizal, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 10, yana ƙara kusan lita 8. Fetur ya fi shi, yana ƙara kusan lita 9 da rabi. Ruwa kuwa lita 2 zuwa 3 kacal yake ƙarawa a irin zafin ƙasarmu, shi ya sa wanda ya saba da tankin ruwa na saman rufi ba ya ganin abin a matsayin matsala. Ƙarfen tankin shi ma yana buɗewa, amma nasa bai kai rabin lita ba a kan kowace lita 1,000, don haka ba ya iya bin man.

Kuskure na farko shi ne a ɗauka adadin da aka rubuta a jikin tanki shi ne adadin da za a zuba

Mu ɗauki tankin ƙarfe mai cin lita 5,000 cif, irin wanda ake kwantarwa a kan siminti a bayan ɗakin janareta. A ce an kawo gas a watan Janairu, cikin hunturu, da sassafe, man yana da zafin digiri 18. Aiki bai yi yawa ba, ko kuma an sayi man ne don ajiya saboda tsoron tashin farashi, tankin ya zauna a cike har bazara ta shigo. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe yana kaiwa digiri 40 a inuwa, tankin da ke cikin rana tsirara kuwa, musamman in fentinsa baƙi ne, mansa zai iya kaiwa digiri 43. Bambanci ya zama digiri 25 ke nan. Lita 8 sau 5, saboda dubu biyar ne, ya ba da lita 40 a kowane digiri 10. A digiri 25 kuma ya zama lita 100 da 'yan kai. Rabin duro ke nan na man da ba shi da wurin zama.

In tankin yana da bututun numfashi, wato bututun da iska ke shiga da fita ta cikinsa a saman tanki, ta nan man zai hau ya zubo, ya bi jikin tanki ya jiƙa ƙasa, kusa da janareta mai zafi da wayoyin wuta. In ba shi da mafita, abin ya fi muni, domin ruwa-ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Zai tura ƙarfen ne ta inda ya fi rauni: bakin walda, robar murfi, ko mahaɗar famfo. Alamun suna nan ga mai lura. Za ka ga baƙin danshi da ƙura ta manne masa daga saman tanki zuwa ƙasa, ko gefen tanki mai kusurwa huɗu ya yi ciki, ko walda tana gumi da rana ta bushe da dare.

Gyaran shi ne kada mai ya wuce kashi 95 cikin ɗari na cikin tanki. A namu misalin, lita 4,750 za a zuba, a bar lita 250 fanko. Ko man ya kumbura da lita 100, akwai sauran wuri. Wani zai ce tunda kashi 2 ne kawai yake ƙaruwa, me ya sa za a bar kashi 5? Saboda awon da muke yi ba cikakke ba ne. Tankin da maƙerin unguwa ya haɗa ba lallai ya ci abin da aka rubuta a jikinsa ba, simintin da aka ɗora shi a kai yakan karkata, gas yana kumfa lokacin zubawa, sannan akwai man da ya rage a cikin tiyon tanka bayan an kashe famfo. Tiyo mai faɗin inci 3 yana riƙe da sama da lita 4 a kowace mita, kuma direba zai juye shi cikin tankinka ne kafin ya naɗe. Saboda haka tun kafin tanka ta iso, a auna abin da ya rage a ciki, a cire shi daga 4,750, abin da ya fita shi za a ce a kawo.

Kuskure na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, kuma shi ne yake kama masu ƙoƙarin yin daidai

Mutum ya ji an ce a bar kashi 5, sai ya ɗauki sandar awo ya raba tsawonta, ya bar kashi 5 na tsawon. A tankin da ke tsaye, wanda faɗinsa ɗaya ne daga ƙasa har sama, wannan lissafi daidai ne. A tankin da ke kwance, mai zagayayyen jiki, ba daidai ba ne, domin sama tana tsukewa. Santimita ɗaya a tsakiyar tanki tana ɗaukar mai da yawa, santimita ɗaya kusa da rufinsa kuwa kaɗan take ɗauka.

Tankinmu na lita 5,000, a ce tsayinsa daga ƙasa zuwa sama santimita 150 ne, tsawonsa kuma mita 2 da santimita 83. Wanda ya bar kashi 5 na sanda ya bar santimita 7 da rabi. Wannan ɗan wurin lita 93 kawai yake ɗauka, bai kai kashi 2 na cikin tanki ba. Man da zai kumbura da lita 100 zai cinye shi ya taɓa rufi. Don a samu kashi 5 na gaske a tanki mai kwanciya, sai an bar kashi 10 na tsayinsa. A nan santimita 15 ke nan, wato mai ya tsaya a santimita 135. Ni dai shawarata ita ce a yanka alama da zarto a kan sandar a daidai wurin, a kuma zana jan layi a jikin tankin, domin yaron da zai tsaya a kai ranar da maigida ba ya nan ba zai yi lissafi ba, layi zai duba. Wannan tsukewar ce kuma take sa mai ya yi ta hawa a hankali, sai a ƙarshe ya taso da gudu kafin a ankara, don haka a rage ƙarfin famfo tun daga nesa da layin.

Toshe bututun numfashi

Wannan ina ganinsa sosai, kuma niyyar masu yinsa mai kyau ce. Ƙurar hunturu tana shiga, ko ruwan damina, ko ana zargin ana zuƙe mai ta nan, sai a ɗaure bakin da leda da roba, wani ma ya sa a like shi da walda. Sararin da ka bari a sama yana aiki ne tare da wannan bututu: mai ya taso, iska ta fita, mai ya sauka, iska ta shiga. In ka toshe shi, da rana tanki ya kumbura, da dare ko lokacin da janareta ke jan mai ya motse ciki, har injin ya riƙa shaƙewa yana mutuwa a rasa dalili. Maganin ƙura da ruwa shi ne a lanƙwasa kan bututun ya kalli ƙasa, a sa masa ragar ƙarfe, a ɗaga shi sama da tanki nesa da salansa. A riƙa leƙa shi kuma, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki.

Ƙaramin tankin da ke jikin janaretan gas shi ma yana da tasa matsalar. Injin ba ya ƙone duk man da ya ja, yana mayar da saura cikin tanki da ɗumi. Tankin da aka cika maƙil da safe zai yi zafi ko da yana cikin inuwa.

Jarka, duro da tankin mota

Babban tanki yana ɗaukar kwanaki kafin dukan mansa ya yi zafi. Jarka kuwa awa biyu a rana ta ishe ta. Fetur da ya fito daga tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai yana da sanyi-sanyi, in aka cika jarka mai lita 25 aka ɗaura a bayan babur ko aka jefa a but, zafinsa zai iya ƙaruwa da digiri 20, ya ƙara kusan rabin lita. Ban da haka fetur yana tururi da wuri, tururin ma yana matsa jarkar. Shi ya sa za ka ga ta yi tulu, in an buɗe murfi ta yi tsartuwa a fuska. A tsaya a kafaɗar jarka, a bar wuyan da hannun fanko. In ta riga ta kumbura, a kai ta inuwa ta huce, sannan a sassauta murfin a hankali, nesa da murhu da mai shan taba. Duro ma haka: masu ƙera shi sun yi shi ya fi lita 200 da gangan, rarar ba ta ƙarin mai ba ce.

A mota, idan kan famfon gidan mai ya katse da kansa, tanki ya cika ke nan. Girgiza mota don a ƙara lita ɗaya yana cinye wurin da kamfani ya bari. Tukunyar gas ɗin girki kuwa tata ta fi tsanani, domin ruwan cikinta yana kumbura kusan ninki uku na fetur, kuma a rufe take ruf. Ana tsayawa ne a kashi 80 zuwa 85, da sikeli ake tabbatarwa, kuma kada ka taɓa roƙon mai ɗurawa ya yi maka ƙari.

Zargin maigadi

Kumburin nan yana da ɗaya fuskar da ke haddasa rigima. An sauke mai da azahar yana da zafi, an auna an rubuta. Washegari da asuba aka sake aunawa, man ya huce da digiri 8, lita 4,750 ta nuna ragin kusan lita 30. Sai a kira Baba maigadi a fara tuhuma, alhali ko ɗigo bai fita ba. Kafin a zargi kowa, a riƙa awo a lokaci guda kullum, da sassafe kafin rana ta daki tanki, a bar sabon mai ya kwanta kumfa ta mutu kafin a sa sanda, a kuma rubuta lokacin awon kusa da adadin. Ragin da zafi ya kawo yana komawa idan man ya sake ɗumi, kuma ba ya wuce abin da lissafin lita 8 ɗin nan ya bayar. Wanda yake ƙaruwa kullum ba ya dawowa, shi ne za a bi sawunsa, a fara da duba ƙarƙashin tanki da mahaɗar famfo. In aka yi wa tankin rumfar kwano aka shafa masa farin fenti, hawa da saukar ma za su ragu sosai.