Kafin mu zargi maniyyatan da suka nufi Makka a ƙafa

Ga ɗalibanmu a nan Khartum masu rubuta maƙala kan kakanninmu da suka taso daga Kano ko Sakkwato zuwa Hajji, sannan suka zauna a Sudan, ina da shawara. Na sha karanta jimlar da ke cewa sun yi ganganci da suka bar iyali suka shiga jeji, kuma wannan hukunci auna mutumin jiya ne da mudun yau.

Kafin ku rubuta irin wannan, ku fara tsayar da shekarar, sannan ku tambayi abin da mutumin yake gani a gabansa. Wanda ya bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira a 1903, bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, bai san cewa mulkinsu zai ƙare a 1960 ba, babu jirgin saman alhazai, kuma a fahimtar malamansa hijira daga ƙasar da Nasara suka mamaye wajibi ce. Tsayawa noma a hanya domin tara guzuri kuwa, ita ce hanyar da talaka yake da ita ta biyan kuɗin tafiya.

Alamar kuskuren tana bayyana a kalmomi irin su "da ya sani" ko "ya kamata ya gane". Duk inda kuka rubuta su, ku nemi shaidar cewa labarin ya iso masa a lokacin. Idan babu, ku goge jimlar. Kuna iya sukarsa, amma ku kafa hujja da mutanen zamaninsa, kamar Waziri Buhari, wanda ya zaɓi komawa Sakkwato maimakon yin hijira.